Ƙirga Gida-Gida: Yadda Ake Karanta Allon Osiloskop

Wani tela maƙwabcin shagon da nake zama ya kawo ƙaramin janaretansa da ƙorafi guda. Ya ce tun makon jiya fankarsa take juyi kamar mai jin barci, keken ɗinkinsa mai lantarki kuma ba ya ja yadda ya saba, alhali injin yana tashi da ja ɗaya, ba ya hayaƙi, ba ya tari. Mai shagon, wanda ya daɗe yana gyaran rediyo da amfilifaya, bai taɓa sukurdireba ba. Sai ya ce wa yaronsa ya sauko da osiloskop daga kan kanta. Yaron ya kunna na'urar, wani koren layi ya bayyana yana lanƙwasa sama da ƙasa, ya tsaya yana kallo, can ya ce, "Oga, ai ba ta rubuta komai ba." Gaskiyarsa. Tsohuwar osiloskop ba ta rubuta lamba ko ɗaya a allonta. Zane take yi a kan wasu gidaje masu kama da na dara, sauran aikin na mai kallo ne: ya ƙirga gidaje, ya dubi abin da kowane gida yake wakilta, ya ninka. Abin da ya faru da wannan janareta a ranar shi zan bi daki-daki, domin a cikinsa akwai kusan duk abin da mai koyo yake buƙata.

Osiloskop na'ura ce da take zana yadda ƙarfin lantarki yake canzawa yayin da lokaci yake tafiya. Mitar da masu gyara suke riƙewa a hannu lamba ɗaya take bayarwa, ta ce bolt kaza. Ita wannan kuwa hoton tafiyar take nunawa, hawa da sauka da duk wani karkace da ke tsakani. Wutar da take zuwa gidajenmu, ta layin gwamnati ce ko ta janareta, ba a tsaye take ba. Tana hawa zuwa wani ƙololuwa, ta sauko ta ratsa sifiri, ta nutsa ƙasa daidai gwargwadon hawan da ta yi, sannan ta dawo sifiri. Wannan tafiya guda ita ake kira zagaye ɗaya. A Najeriya da Nijar an tsara wutar ta yi zagaye 50 a kowane sakan, abin da ake rubutawa 50 Hz. Masu sauraron rediyo sun san kalmar, don kilohaz da megahaz da ake ambata wa tashoshi duk wannan ma'aunin ne, sai dai a can ana maganar dubbai da miliyoyin zagaye.

Abubuwa uku ake nema a kan allon. Na farko tsayin igiyar, wato iyakar inda ƙarfin wutar yake kaiwa. Na biyu tsawon lokacin da zagaye ɗaya yake ci. Na uku yawan zagaye a sakan, wanda masu sana'ar suke kira firikwansi. Na farko da na biyu ana ƙirga su da ido. Na uku ba a ganinsa kai tsaye, daga na biyu ake fitar da shi da lissafi.

Allon tsohuwar na'ura irin ta shagon yana da gida 10 daga hagu zuwa dama, gida 8 daga ƙasa zuwa sama, kowane gida kusan santimita ɗaya. Layi biyu suna ratsa tsakiya, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, kuma a jikinsu akwai ƙananan tsage da suka raba kowane gida kashi biyar. Kowace tsaga ke nan 0.2 na gida ce. Nan masu koyo da yawa suke fara tuntuɓe, don sun saba da rula mai kashi goma, sai su ɗauki tsaga ɗaya a matsayin 0.1. Idan igiya ta wuce gida uku da tsaga biyu, gida 3.4 ke nan, ba 3.2 ba. Wasu sababbin na'urori na dijital suna da gida 12 ko 14 a kwance, amma ƙa'idar ƙirgar ba ta canza ba.

Gidan shi kaɗai ba shi da wata daraja sai wadda aka ba shi, kuma maɓallai biyu na murɗawa suke ba shi ita. Wanda aka rubuta wa VOLTS/DIV shi yake faɗin bolt nawa ne gida ɗaya a tsaye. Wanda aka rubuta wa TIME/DIV, ko SEC/DIV a wasu na'urorin, shi yake faɗin lokaci nawa ne gida ɗaya a kwance. Lambobin da ke kewaye da su suna tafiya ne ɗaya, biyu, biyar, sannan goma, ashirin, hamsin. Kamar mudu ne a kasuwa: in aka ce maka "awo shida" ba a faɗa maka komai ba sai ka san da wane kwano aka auna. Murɗa waɗannan maɓallai ba ya taɓa wutar da ake aunawa ko kaɗan. Igiyar takan ƙara girma ko ta ƙanƙance a ido, amma kwanon awo ne kawai ya canza.

Wannan tsari ya ɗauki lokaci kafin ya kammala. Karl Ferdinand Braun, masanin kimiyya Bajamushe, ya ƙera kwalbar da take zana lantarki da haske a 1897. Amma shekaru da dama na'urar ta fi amfani wajen ganin siffar igiya fiye da auna ta daidai. Bayan yaƙin duniya na biyu ne kamfanin Tektronix na Amurka, wanda aka kafa a 1946, ya fito da samfurinsa mai lamba 511 a 1947, wanda yake tsayar da igiya cak a kan allo tare da ma'aunin lokaci da za a dogara da shi. Daga nan ƙirgar gidaje ta zama awo na gaske.

Kafin mai shagon ya kusanci janaretan, sai da ya gwada na'urar da kanta. A gaban kusan kowace osiloskop akwai wani ɗan ƙarfe da ya ɗan turo, an rubuta CAL ko PROBE COMP kusa da shi. Yana fitar da igiya mai kusurwa huɗu, galibi mai zagaye 1,000 a sakan, kuma sau da yawa ana rubuta ƙarfinta a gefen. Ya maƙala tsinken awon, wanda ake kira furob, a jikin ƙarfen, ya sa TIME/DIV a kan 0.2 ms. Harafin ms yana nufin milisakan, kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Igiya mai zagaye 1,000 a sakan tana cin milisakan ɗaya a kowane zagaye, don haka dole zagayen ya cika gida biyar cif. Da farko bai cika ba, ya tsaya a wajen gida huɗu. Dalili kuwa shi ne akwai wani ƙaramin maɓalli mai suna VARIABLE da wani ya murɗa ya manta. Wannan maɓalli yana miƙe hoton ko ya matse shi yadda ake so, kuma muddin ba a mayar da shi wurin da aka rubuta CAL ba, inda yakan yi ƙas ya zauna, lambar da ke jikin babban maɓallin ƙarya take faɗa. Akwai irinsa a ɓangaren bolt ma. Ni a ganina babu kuskuren da ya kai wannan muni, saboda hoton yana fitowa tsaf, lissafin yana tafiya daidai, amsar ce kawai ba gaskiya ba, kuma babu abin da zai ja hankalin mutum.

Ya kuma duba ɗan makunnin da ke jikin furob ɗin, mai matsayi biyu, 1X da 10X. A kan 10X furob yana rage wutar sau goma kafin ta shiga na'urar. Tsohuwar na'ura ba ta san an yi hakan ba, sai mai awo ya ninka amsarsa sau goma da kansa. Sabuwa kuma akan gaya mata a cikin jerin zaɓinta, in kuwa abin da aka gaya mata ya saɓa da inda makunnin yake, za ta nuna bolt 3.4 a inda ake da 34, ko ta nuna 340. Wannan ragi tsayin igiya kaɗai yake shafa, bai shafi lokaci ba. Don sauƙin lissafi a ranar an bar shi a kan 1X, tunda wutar da za a auna ƙarama ce kuma mai tafiyar hawainiya ce a idon na'urar.

Na ce ƙarama, alhali janareta bolt ɗari biyu da wani abu yake bayarwa. A nan akwai maganar da ta shafi rai. Furob yana da wata 'yar gajeriyar waya mai bakin kada a gefensa. Wannan waya a haɗe take da ƙarfen jikin na'urar, kuma ta nan a haɗe take da wayar ƙasa ta soket ɗin da na'urar take shan wuta. Wanda ya maƙala ta a jikin waya mai wuta ya haɗa wuta da ƙasa kai tsaye: tartsatsi, ƙonewar furob, wani lokaci har na'urar. Wasu sukan cire ƙafar ƙasa ta fulogin don kauce wa hakan, sai jikin na'urar gaba ɗaya ya ɗauki wuta yana jiran hannun da zai taɓa shi. Ga shi kuma wutar da mita take kira bolt 230 tana kaiwa kusan bolt 325 a ƙololuwarta, daga can sama zuwa can ƙasa kuma kusan 650. Hanyar da mai shagon ya bi ita ce mai aminci kuma mai araha. Ya ɗauko ƙaramar taransifoma ta ƙarfe da waya, irin ta cikin tsohuwar rediyo, mai sauke 230 zuwa 12, wadda naɗin shigarta da na fitarta ba su haɗu ba. Ita ake sa wa wutar, a auna a ɓangaren bolt 12. Cajar waya ba za ta yi wannan aiki ba, don ta riga ta miƙar da wutar, babu sauran hawa da sauka da za a gani. Taransifomar cikin sitabilaiza ma ba a dogara da ita, yawancinsu naɗi ɗaya ne da bai raba shiga da fita ba.

Da yake akwai wutar layi a lokacin, da ita aka fara, don a sami abin kwatance. Mitar hannu ta nuna 230 a soket. Aka sa taransifomar, aka maƙala furob a bakin fitarta, VOLTS/DIV a kan 5 V, TIME/DIV a kan 5 ms. Igiyar ta fito tana gudu gefe kamar ruwan kwata, ba ta ƙirguwa. Maɓallin TRIGGER LEVEL shi ne maganin wannan. Yana gaya wa na'urar ta riƙa fara zane daga wuri guda a jikin igiyar kowane karo, ta yadda sabon zane zai hau kan tsohon daidai. In an kai shi sama da ƙololuwar igiyar ko ƙasa da gindinta, na'urar ba ta samun inda za ta kama, hoton ya ci gaba da gudu. Yaron ya murɗo shi tsakiya, igiyar ta tsaya.

Ga yadda aka ƙirga tsayi. Ba a cewa a hango ƙololuwa a hango gindi a kintata. Da maɓallin POSITION na sama da ƙasa aka sauko da igiyar har gindinta ya zauna daidai kan wani layi na kwance kusa da ƙasan allo. Sannan da POSITION na gefe aka ja ta har wani ƙololuwa ya zo kan layin tsakiya na tsaye, inda tsagen nan suke. Yanzu gefe ɗaya yana kan layi cif, ɗayan yana kan ma'auni mai tsage. Aka ƙirga: gida shida da tsaga huɗu, wato 6.8.

```
Vpp = 6.8 × 5 V = 34 V
Vp = 34 ÷ 2 = 17 V
Vrms = 17 × 0.707 = 12 V
```

Lamba uku ke nan na wuta guda, kuma kowacce gaskiya ce. Vpp shi ne nisan daga gindi zuwa ƙololuwa, shi ya fi sauƙin ƙirgawa a allo. Vp rabinsa ne, daga tsakiya zuwa ƙololuwa, kuma shi ne ainihin abin da littattafan makaranta suke nufi da tsayin igiya. Vrms kuma shi ne wanda mitar hannu take nunawa, wanda aka rubuta a jikin taransifomar. Ma'anarsa: in da za a kawo wuta tsayayya irin ta batir, bolt nawa za ta kai kafin ta ɗumama waya daidai da yadda wannan mai hawa da saukar take ɗumama ta? Yaron ya yi mamakin ganin 34 daga taransifomar da aka rubuta wa 12, har ya ce ko ta lalace ne. Ba ta lalace ba. Duk wanda zai faɗi tsayin igiya ya kamata ya faɗi wanne daga cikin ukun yake nufi, in ba haka ba mutum biyu za su yi ta gardama kowa da gaskiyarsa.

Sai lokaci. Aka mayar da igiyar tsakiyar allo yadda hawanta da saukarta suka yi daidai a kan layin kwance na tsakiya. Ba a auna zagaye daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa in akwai zaɓi, domin saman igiyar a baje yake kamar kan tudu, da wuya ido ya ce ga ainihin tsakiyarsa. Inda igiyar take ratsa layin tsakiya ta fi tsayuwa a miƙe, wurin ratsawar a fili yake. Sai a ja hoton har wata ratsawa mai hawa sama ta zauna kan wani layi na tsaye a hagu, a bi ta zuwa ratsawa ta gaba wadda ita ma mai hawa sama ce. A kula da wannan sharaɗi: mai hawa zuwa mai hawa. Tsakaninsu akwai wata ratsawar mai sauka ƙasa, wanda ya tsaya a kanta rabin zagaye ya auna, kuma firikwansinsa zai fito ninki biyu. Na sha ganin ɗalibi ya rubuta 100 Hz a wutar gida saboda wannan. A wutar layin, zagayen ya ci gida huɗu cif.

```
T = 4 × 5 ms = 20 ms = 0.020 s
f = 1 ÷ T = 1 ÷ 0.020 = 50 Hz
```

Dalilin raba ɗaya da T ba wani sirri ba ne. In zagaye guda yana cin milisakan 20, sakan kuma yana da milisakan 1,000, to zagaye nawa za su shiga cikin sakan? Ashirin nawa ne a cikin dubu? Hamsin. Wanda ya fi jin daɗin haka sai ya riƙa raba 1,000 da adadin milisakan, ya sami amsa a Hz ba tare da ya wahala da sifirai ba. Abin tsoro shi ne a raba ɗaya da 20 a manta cewa milisakan ne, sai amsa ta fito 0.05. Haka kuma a duba harafin da ke jikin maɓallin da kyau, don ms da µs suna kama a ido, ga su a kewayen maɓalli ɗaya, amma na biyun kashi ɗaya cikin miliyan ne na sakan, ya fi na farko ƙanƙanta sau dubu.

Yanzu aka ja janaretan a waje, aka jona masa fanka da dutsen guga don ya ɗauki kaya kamar yadda yake ɗauka a shagon telan, aka mayar da taransifomar kansa. Ba a taɓa maɓalli ko ɗaya ba, don kwanon awon ya zama ɗaya. Igiyar ta fito ta ɗan gajarta kuma ta ɗan baje. Samanta bai yi sumul kamar na wutar layi ba, abin da aka saba gani a ƙananan injuna. Tsayinta daga gindi zuwa ƙololuwa gida shida daidai. A kwance kuwa, maimakon a auna zagaye ɗaya, mai shagon ya ce a auna biyu a raba. Zagaye biyun sun ci gida takwas da tsaga huɗu.

```
2T = 8.8 × 5 ms = 44 ms
T = 22 ms
f = 1000 ÷ 22 = 45.5 Hz
Vpp = 6.0 × 5 V = 30 V
```

Bolt 30 a inda wutar layi ta ba da 34. Tunda taransifoma ɗaya ce, sai a kwatanta: 30 bisa 34 na 230 ya kama wajen bolt 203. Wuta ta ragu, amma ba wannan ne babban labarin ba. Labarin yana cikin 45.5. Ƙananan janaretocin fetur irin wannan suna da maganaɗisu mai kai biyu, kowane juyi ɗaya na injin yana ba da zagaye ɗaya na wuta. Kafin a sami zagaye 50 a sakan sai injin ya yi juyi 50 a sakan, wato 3,000 a minti. A ninka 45.5 sau 60, a sami kusan 2,730. Injin yana tafiya ƙasa da yadda ya kamata da juyi wajen 270 a kowane minti. Motar fanka irin ta gida tana bin firikwansin wuta ne wajen gudunta, ga kuma ƙarancin bolt yana rage mata ƙarfi, shi ya sa take jin barcin da telan ya faɗa. A irin wannan ƙaramin inji ƙarfin wutar ma yana bin gudun juyi, saboda haka raguwar biyun daga tushe ɗaya suke. Da mitar hannu kawai aka sa, mai nuna bolt, da an ga ɗari biyu da 'yan kai a fara zargin naɗin waya ko kafasita, a kwance abin da lafiyarsa ƙalau. Gidajen kwance su suka nuna cewa matsalar ta ɓangaren injin ce, ba ta lantarki ba.

Me ya sa aka auna zagaye biyu? Ido, komai kaifinsa, yana iya kuskuren rabin tsaga, wato 0.1 na gida, ga kuma kaurin layin hasken kansa. Wannan kuskure ba ya ƙaruwa ko raguwa, amma nauyinsa ya dogara da faɗin abin da aka auna. A kan gida 8.8, kuskuren 0.1 bai wuce kashi ɗaya da ɗan ɗori cikin ɗari ba, kusan rabin haz. Da an sa TIME/DIV a kan 20 ms, zagaye guda zai matse cikin gida 1.1, kuma kuskuren nan na 0.1 zai zama kusan kashi tara cikin ɗari. A nan ba za a iya bambance inji mai lafiya da marar lafiya ba, don bambancinsu gaba ɗaya bai wuce wannan rabin tsagar ba. Shi ya sa ake murɗa maɓallan har abin da ake aunawa ya cika mafi yawan allon, a tsaye da a kwance, muddin bai fita waje ba. Bayan kuskuren ido, ita kanta tsohuwar na'urar masu ƙera ta sukan ba da rangwamen kusan kashi uku cikin ɗari. Don haka wanda ya danna kalkuleta ya ga 45.4545 ya kwafe duka ya yi wa allon ƙarin gishiri. Abin da ido ya gani bai wuce "tsakanin 45 da 46" ba, kuma hakan ya isa a yanke hukunci.

Akwai wata dabara ta gaggawa da mai shagon ya nuna wa yaron, wadda nake so ƙwarai. A sa TIME/DIV a kan 2 ms. Gida goma sau milisakan biyu ya ba da 20, daidai zagaye ɗaya na 50 Hz. In zagayen ya fara a bakin hagu ya ƙare a bakin dama cif, gudun daidai yake. In ya ƙare kafin ya kai bango, injin yana sauri. In ya fita waje bai ƙare ba, injin yana nawa. Na telan yana buƙatar gida 11, wutsiyarsa ta fice daga allon.

Game da lambar nan 0.707 kuwa, tana da iyaka. Igiya mai lanƙwasa sumul, irin ta wutar layi, ita kaɗai take yi wa aiki. Inbata masu araha da yawa ba irin wannan igiya suke fitarwa ba, tasu kamar matakalar bene take: ta yi tsalle sama ta tsaya, ta dawo sifiri ta ɗan huta, ta yi tsalle ƙasa. Wanda ya ninka ƙololuwar irin wannan da 0.707 zai iya samun amsar da ba ta da alaƙa da gaskiya, don sakamakon ya dogara da tsawon hutun da take yi a sifiri. A igiya mai kusurwa huɗu zalla, wadda take hawa da sauka daidai a gefen sifiri biyu, Vrms da Vp ɗaya suke. Ko a janaretan telan, da yake saman igiyar bai yi sumul ba, 203 ɗin nan kusan-kusan ne. Ƙirgar Vpp da ta lokaci kuwa ba ruwansu da siffa, kowace igiya mai maimaita kanta ana ƙirga ta haka.

Wani zai ce sababbin na'urori ai suna rubuta duk waɗannan lambobi a ƙasan allo, da danna MEASURE an gama. Haka ne, kuma ina amfani da su. Sai dai abin da ke kan allon shi na'urar take lissafawa, ba ta san abin da mai awo yake nufi ba. In akwai wani siririn tsini na hayaniya a saman igiyar, irin wanda tartsatsin fulogin inji yake jefawa, za ta haɗa shi cikin Vpp ta ba da lamba mai kumburi. In igiyar ta yi datti a wurin ratsa tsakiya, takan ƙirga ratsawa ɗaya sau biyu, firikwansi ya yi ta tsalle. In an gaya mata 1X alhali furob yana kan 10X, za ta rubuta kuskuren da lambobi masu kyau. Mutumin da ya saba ƙirga gida zai kalli hoton ya ce gida huɗu da ɗan ɗori a kan 5 ms ba zai taɓa zama 91 Hz ba, ya san akwai abin dubawa.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Matatar iska ta toshe da ƙura da zaren yadi, aka wanke ta. Sifirin ɗin gwamnan injin, wanda yake riƙe gudun juyi, ya saki, aka ɗaure sukurunsa kaɗan-kaɗan, yaron yana tsugune gaban allon yana faɗin abin da yake gani. An saba saita irin waɗannan injuna su ɗan haura 50 in ba kaya a kansu, wajen 52, domin da an ɗora kaya gudun yakan ɗan sauka. Zagaye biyu na 52 Hz a kan 5 ms suna cin gida 7.7, don haka shi aka nema. "Takwas da tsaga biyu, Oga." Aka ƙara rabin juyi. "Takwas daidai." Aka ƙara kaɗan. "Bakwai da tsaga uku da rabi." Mai shagon ya ce a jona fanka da dutsen gugar. Injin ya ɗan yi nishi ya daidaita, zagaye biyun suka miƙe suka tsaya a kan gida takwas, tsayin igiyar ya koma gida 6.8. Telan ya tsaya gaban fankar, iska tana kaɗa masa riga, ya ce, "Malam, nawa ne kuɗin aikin?"